Ya karɓe wayata, ya hana ni zuwa gidanmu: kishi ne ko zalunci?

Tambaya: Assalamu alaikum Anti. Ni matar aure ce a wani ƙauye a ƙasar Ringim. Shekarata shida da aure, 'ya'yana biyu, yanzu kuma ina da ciki wata biyar. Maigidana ya karɓe wayata tun bara, wai a waya mata suke lalacewa. Rabona da gidanmu tun sunan ƙaramin ɗana, alhali tafiyar ba ta kai awa ɗaya a babur ba. Kuɗin ƙuli-ƙulin da nake yi shi yake karɓa. Ba kullum yake dukana ba, amma watan jiya ya shaƙe ni har na ga duhu, da safe ya sayo min atamfa ya ba ni haƙuri. Innata ta aiko cewa in yi haƙuri, kishi ne. Da wayar ƙanena na rubuto. Kishin ne, ko ni ce ban iya zama ba? Wa zan faɗa wa abin bai ƙara lalacewa ba?

Amsa: Wa'alaikumus salam ƙanwata. Allah ya sauke ki lafiya, ya kawo miki mafita. Ba rashin iya zamanki ba ne, kuma wannan ya wuce kishi. Zalunci ne, kuma a cikin abin da kika lissafa akwai guda ɗaya da yake barazana ga ranki, don haka da shi zan fara.

Mu da muke zama da mata a kan matsalolin aure, idan mace ta ce an mare ta muna ɗaukar maganar da muhimmanci, amma idan ta ce hannu ya kai wuyanta, sai mu ajiye duk wata magana mu tsaya a nan. Duhun da kika gani alama ce jini ya daina isa ƙwaƙwalwarki yadda ya kamata. Jijiyoyin da suke kai jini kai a gefen wuya suke, ba sa buƙatar ƙarfi mai yawa kafin su toshe, kuma cikin daƙiƙoƙi kaɗan mutum yake suma. Tsakanin suman da mutuwa tazarar ba ta da yawa. Wani bincike da aka yi a Amurka, aka wallafa a 2008, ya gano cewa matar da mijinta ya taɓa shaƙewa haɗarin ya kashe ta daga baya ya kai wajen ninki bakwai a kan matar da ake duka amma ba a taɓa shaƙe ta ba. Abin da ya sa mutane suke raina shaƙewa shi ne sau da yawa ba ta barin tabo. Ido zai kumbura kowa ya gani, amma wuya sai a duba a ce ai ba komai. Idan ya sake faruwa, Allah ya kiyaye, ki lura da dushewar murya, da zafin haɗiyar yawu, da wahalar numfashi, da jajayen ɗigo-ɗigo a farin ido ko a fuska, da jiri ko ciwon kai mai tsanani. Kumburin cikin maƙogwaro yana iya tasowa bayan awoyi, har washegari. Kowanne daga cikin waɗannan na asibiti ne a ranar, ba na jiƙe-jiƙe ba. Ga kuma ciki: in aka buge ki a ciki ko aka tura ki kika faɗi, sai kika ga jini, ko ruwa, ko mara ta ɗaure, ko motsin ɗa ya ragu, kada ki jira izinin kowa. Ceton rai ba ya jiran izini, babu malamin da zai ce miki ba haka ba.

Yanzu bari mu zo kan yadda ake bambancewa, don za ki ci gaba da jin mutane suna ce miki zo mu zauna zo mu saɓa. Gaskiya ne, babu gidan da ba a saɓawa. Amma a saɓani na ma'aurata, kowa yana da baki. Ya faɗa, kin faɗa, an yi fushi, an huce, kuma ba ki kwana kina tsoron abin da zai same ki ba. Ma'aunin da nake ba mata shi ne su tambayi kansu abu biyu. Na farko: idan na ji ƙarar babur ɗinsa a ƙofar gida, me yake faruwa a ƙirjina? Matar da take fara dube-dube ko akwai abin da zai zama laifi, take sa yara su yi tsit, take sake maimaita maganar da za ta faɗa a zuciyarta kafin ya yi sallama, tana zaune ne cikin tsoro. Na biyu: daga ranar da aka kawo ni gidan nan zuwa yau, mutanen da zan iya kai wa kukana ƙaruwa suka yi ko raguwa?

Wannan ta biyun ita ce take tona asirin mai danniya, domin aikinsa a hankali yake yinsa, kuma kowane mataki yana zuwa da dalilin da zai yi kama da gaskiya. Ƙawarki ta ƙuruciya ba ta da tarbiyya, a daina shigowa. Yayarki tana zuga ki, a rage zumunci. Islamiyyar matan aure gulma ake yi, a zauna a gida. Waya fitina ce. Kuɗi a hannun mace raini yake kawowa. Kowanne in aka ɗauke shi shi kaɗai, wani zai ce ai maigida yana da iko da gidansa. Sai kin jera su za ki ga duk hanya ɗaya suka nufa: a wayi gari ba ki da wanda zai ji labarinki, ba ki da kuɗin mota, ba ki da hanyar kira. Shi ya sa duka yakan zo a ƙarshe, bayan an gama toshe ƙofofin. Atamfar da ta biyo baya ma tana cikin tsarin. Ana yin laifi, a yi nadama, a yi kyauta, gida ya yi daɗi na ɗan lokaci, sannan fuska ta fara ɗaurewa, a sake. Abin da za ki sa wa ido shi ne tsawon kwanakin daɗin. A yawancin gidajen da na sani, raguwa suke yi, abin da ake yi kuma yana ƙara muni.

Kada ki rikita wannan da kulle. Mata da yawa suna cikin kulle a ƙauyukanmu kuma suna zaune da mutuncinsu: suna sana'arsu a cikin gida, yara suna kai musu talla ko ana zuwa saye, kuɗinsu yana hannunsu, suna zuwa suna da biki da gaisuwar mutuwa, iyayensu suna shigowa, ana kai su awo. Kulle bai taɓa nufin a raba mace da mahaifiyarta ba. A fiƙihun Malikiyya da alƙalanmu suke hukunci da shi, an faɗa a sarari cewa miji ba shi da ikon hana iyayen matarsa shigowa wurinta, har an ƙayyade musu sau ɗaya a mako idan abin ya kai gaban alƙali. In ma ya rantse cewa ba za ta ziyarci iyayenta ba, alhali ita amintacciya ce, ba a biye wa rantsuwar tasa. Dukiyar mace kuwa tata ce, sadakinta da gadonta da ribar sana'arta, kuma ci da sha da sutura a kansa suke ko da ta fi shi kuɗi. Allah ya ce a zauna da mata da kyautatawa a Suratun Nisa'i, aya ta 19, ya kuma hana a riƙe su don cutarwa a Suratul Baƙara, aya ta 231. Nana A'isha ta ba da shaida cewa Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, bai taɓa dukan mace ko mai yi masa hidima da hannunsa ba. Idan wani ya kawo miki maganar ladabtarwa, ki sani malaman da suka yi bayanin ta sun kewaye ta da sharuɗɗa: ban da fuska, ban da abin da zai yi rauni ko ya bar tabo. Shaƙe mace mai ciki ba ya kusa da wannan babi ko kaɗan. Na tsaya a kan wannan ne don na san abin da ya fi ɗaure matanmu shi ne tsoron kada neman mafita ya zama saɓon Allah. Ba saɓo ba ne.

Ita kuma Inna, ina so ki tambayi kanki me aka gaya mata takamaimai. Sau da yawa saƙon da yake isa gida shi ne “ba ta jin daɗin zaman”, ko “yana da zafin zuciya”. Uwar da ta ji haka haƙuri za ta bayar, domin da shi ita ma ta yi nata zaman, kuma tana tsoron a ce 'yarta ta kasa aure. Kunya tana sa mata su rage wa magana nauyi kafin ta fita daga bakinsu. A wannan karon kada ki rage. Kalmomin da za su isa kunnenta su zama: ya shaƙe ni a wuya har na ga duhu, ina da ciki, ina tsoron zai kashe ni.

To, wa za a fara faɗa wa? A nan ne mata da yawa suke shiga haɗari, ba don sun yi shiru ba, sai don maganar ta fita ta hanyar da ta dawo kunnen mijin kafin a shirya komai. Mai danniya ya fi zama abin tsoro a lokacin da ya ji abin yana kuɓuce masa, wato lokacin da ya gane an sani, ko ya ga alamar za ki tafi. Saboda haka kada ki yi masa barazanar tafiya a tsakiyar faɗa, kada ki ce za ki kai shi Hisba ko kotu. Kada kuma ki fara da uwarsa, ko ƙanwarsa, ko abokinsa, komai kirkinsu, don da wuya su riƙe maganar ba su tunkare shi ba, sannan su tafi gidajensu su bar ki da shi a daren. Mutumin farko ya zama naki ne, mai riƙe sirri, kuma wanda zai iya motsawa: ƙanen nan naki ya riga ya zama ɗaya. Ta hannunsa saƙo zai kai ga waliyyinki, ko mahaifinki ne ko baffa, ko kuma kawun da kika san maganarsa tana da nauyi a gidanku. Ki roƙe su abu ɗaya: kada kowa ya kira maigidanki ko ya aika masa, sai kina wurin da hannunsa ba zai kai gare ki ba.

Cikin nan da kike ɗauke da shi ya ba ki wata ƙofa da ba kowace mace take da ita ba, wato awo. Ko mijin da ya hana zuwa ko'ina yakan ji nauyin a ce ya hana matarsa awo. Idan kin shiga ɗakin ma'aikaciyar lafiya, ki ce kina son magana da ita ke kaɗai, ki faɗa mata abin da ya faru, ki roƙe ta ta rubuta a fayil ɗinki na asibiti da kwanan wata, da abin da ta gani, da wanda kika ce ya yi. A fayil ɗin da yake zama a asibiti, ba a katin da kike komawa da shi gida ba. Wannan rubutun wata rana zai yi miki magana a gaban alƙali. Idan shi ne ya kawo ki ya tsaya a kanki, ki ce mata kina da matsala ta mata da kike so a duba, za ta fitar da shi.

Bari in ba ki labarin wata baiwar Allah da lamarinta ya biyo ta hannunmu, don ki ga yadda abin yake tafiya a aikace. Ita ma a ƙauye take, tana da goyo, mijin ya fasa mata waya, kuma marin da ya yi mata ya sa kunnenta na hagu yana zubar da ruwa, ba ta ji sosai da shi. Ta taɓa yin yaji sau biyu cikin dare, ba ko mayafin kirki, kuma duk biyun kafin kwana uku an zo biko da goro an mayar da ita, don ba ta da abin nunawa sai hawaye, shi kuma a gaban manya ba wanda ya kai shi ladabi. A karo na uku ba ta yi gaggawa ba. Ta fara da maƙwabciyarta da katanga ɗaya ta raba su, dattijuwa, suka yi alama a tsakaninsu: in ta aiko babbar 'yarta aron taɓarya bayan isha'i, to a turo maigidan ya yi sallama a zaure. Ta koya wa yarinyar cewa in faɗa ya tashi ba ta shiga tsakani, ta ɗauki ƙaninta ta fice. Ita ma ta daina gudu cikin ɗaki ko madafa in ya taso mata, domin ɗaki ƙofa ɗaya gare shi, madafa kuma ga wuƙa ga wuta ga itace. Tsakar gida take yi, kusa da hanyar zaure, nesa da rijiya da inda ake jingine fartanya da adda.

Sai ta shiga fitar da abin da ba za a lura ba. Ranar rigakafin yaron ta nuna kunnen a asibiti, aka duba aka rubuta. Katin rigakafi da katin zaɓenta da takardar katin ɗan ƙasa ta sa su a leda ta ba maƙwabciyar, tare da zane biyu da kayan yara kala bibbiyu. Akuyarta guda ta ce za ta bayar kiwo, ta tura gidan yayanta. Ta gaya wa uwar adashi cewa in kwasarta ta zo a riƙe mata, kada a aiko gida. Ta haddace lambar yayan nata a ka. Kayan ɗaki ko kwano ɗaya ba ta taɓa ba, don shi ne abin da ido yake fara gani, kuma ana iya karɓo su daga baya ta hannun mai unguwa ko kotu. Ranar da ta fita, ranar kasuwa ce, mijin ya tafi tun safe. Yayanta ya zo da rana tsaka ya ɗauke ta da yaran a gaban maƙwabta, ya kuma biya ya shaida wa mai unguwa cewa ya tafi da ƙanwarsa gida saboda rauni, don kada a wayi gari a ce ta gudu ko ta sace 'ya'ya. Ba gidan mahaifinta ta kwana ba a makon farko, gidan gwaggonta a wani gari aka kai ta, don nan ne wurin da ba zai fara nema ba.

Da aka zo biko, a wannan karon mahaifinta yana da takardar asibiti da shaidar maƙwabta biyu, sai ya ce magana ta wuce zaure. Ba komai ne ya tafi daidai ba. Zaman kotu ya ɗauki watanni, an ɗaga ƙara ba sau ɗaya ba don mijin ya ƙi zuwa, kuɗin mota ya cinye akuyar, kuma wasu a danginta sun daina yi mata magana na wani lokaci. Amma ta fita da ranta da 'ya'yanta, ba ta kuma biya mijin ko sisi ba.

Wannan maganar ta rashin biya tana buƙatar bayani, don a nan ake cutar mata da yawa. Hanyar rabuwa ta hannun alƙali ba ɗaya ba ce. Akwai hul'i, inda mace take fansar kanta, yawanci ta mayar da sadaki, saboda ita ce ba ta son zaman. Akwai kuma saki saboda cutarwa, inda alƙali yake raba auren idan cutarwar ta tabbata, ba tare da ta mayar da komai ba. A Malikiyya ba sharaɗi ba ne sai an tabbatar cewa an yi ta maimaitawa, cutarwa bayyananniya ko sau ɗaya ce ta isa. Ana tabbatar da ita da shaidun da suka gani, ana kuma karɓar shaidar ji, wato abin ya yaɗu a bakin maƙwabta da mata da masu shige da fice cewa wane yana cutar da matarsa. Kin ga amfanin kada a rufe komai ruf. Macen da ta ɓoye wa kowa shekara da shekaru takan isa kotu ba ta da mai cewa na ji. Idan hujja ba ta samu ba, alƙali yana iya sa a zaunar da su a tsakanin mutanen kirki da za su sa ido, ko ya naɗa masu sulhu biyu, ɗaya daga danginki ɗaya daga nasa, kamar yadda aya ta 35 ta Suratun Nisa'i ta ce. Abin da yake faruwa shi ne mace ta gaji da zirga-zirga, sai a ce mata ki biya kawai ki huta, miji kuma ya yanka kuɗin da ya fi ƙarfin gidansu. Kada ki yi saurin amsa hul'i kina da hujjar cutarwa. Ki ce da bakinki a gaban alƙali, cutarwa nake ƙara a kai. Sakin da alƙali ya yi a kan haka ba na kome ba ne, ba zai mayar da ke cikin idda ba sai da yardarki da sabon ɗaurin aure.

Za a tsorata ki da 'ya'ya, kusan kowane mai danniya da wannan yake riƙe mace. Al'ada ce ta saba uba ya karɓe yaro da an yaye shi, amma hukuncin Malikiyya ya ba uwa riƙo: namiji har ya balaga, mace har ta yi aure ta tare, kuma ciyar da su yana kan uban. Idan uwar ta auri wani bare, riƙon yakan koma ga mahaifiyarta kafin a zo kan dangin uba. Ke kuma da kike da ciki, in rabuwa ta faru iddarki haihuwa ce, kuma ciyar da ke a wannan tsakanin a kansa yake. Sai dai ba a ba wa wanda bai nema ba, dole ki nemi riƙo da kuɗin ciyarwa a kotun, a rubuta adadin.

Game da wuraren da ake kai kuka kafin kotu, kowanne da amfaninsa da iyakarsa. Mai unguwa da dagaci da liman sun fi kusa, maganarsu tana da nauyi, kuma shaidarsu tana amfani daga baya, amma sun san mijinki, wataƙila sahu ɗaya suke sallah, kuma abin da suka fi so shi ne a rufa asiri a koma. Hisba ma suna sauraron matsalolin aure, akwai mata a cikinsu da za ki iya keɓewa da su, amma su ma sulhu ne gaba a aikinsu. Sulhu yana da kyau ga saɓani. Ga wadda aka shaƙe, zaunar da ita kusa da wanda ya shaƙe ta a ce ta faɗi laifinsa a gabansa, sannan a haɗa su su tafi gida tare, haɗari ne. Duk inda kika je, ki nemi a saurare ki ke kaɗai tukuna, ki je da waliyyinki, ki fara da maganar wuya da ciki, kuma ki ce ba za ki koma a ranar ba. A sakatariyar ƙaramar hukuma akwai sashen jin daɗin jama'a da suke karɓar irin wannan ƙorafi. Jigawa ta sa hannu a dokarta ta hana cin zarafin mutane a 2021, wadda ake kira VAPP, don haka idan kin je wurin 'yan sanda da rauni wani ya ce miki maganar cikin gida ce, ɗan'uwanki ya nemi ganin babban jami'in ofishin. Idan ana buƙatar lauya kuma babu kuɗi, akwai ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA da hukumar ba da tallafin shari'a ta gwamnatin tarayya, suna tsaya wa marasa ƙarfi kyauta. Idan cin zarafin ya haɗa da ta'adi a shimfiɗa, akwai cibiya ta musamman a babban asibitin Dutse, a Kano kuma akwai cibiyar Waraka a asibitin Murtala.

Abu biyu nake roƙon ki da su. Kada kuɗin da kika samu ya tafi wurin masu cewa za su karya sihiri ko su mallake miki shi, wannan kuɗin na mota ne da magani. Sannan idan wata rana kika ji zuciyarki tana raya miki ki sha wani abu ki huta, ko ki zuba masa wani abu a abinci, ko ki ɗauki wuƙa, kada ki zauna da wannan tunanin ke kaɗai ko na dare ɗaya. Mun ga yara mata da ƙunci ya kai su can, suka ƙare a kabari ko a gidan yari, 'ya'yansu suka tashi ba uwa. Ranar da kika ji haka, ranar ce ta fita, ko shiri bai kammala ba, ki shiga gidan maƙwabta ki ce a kira naki.

Wataƙila bayan duk wannan ki ga kina son gwada komawa, ko danginku su matsa. Shawarar taki ce, kuma ba zan ga laifinki ba, mata da yawa sai sun fita sun koma kafin su yanke. Nawa ra'ayin dai, kada ki koma kafin ki haihu ki yi arba'in a gida, al'ada ma ta ba ki wannan damar ba tare da kowa ya kira shi yaji ba. In za a koma, goro da “ya yi nadama” ba su isa ba. Ya faɗi abin da ya yi da bakinsa a gaban waliyyinki da nasa, ba tare da ya ce ke kika jawo ba. Wanda ya ce “na yi kuskure amma ita ma bakinta” bai sauya ba tukuna. A rubuta sharuɗɗa a gaban alƙali ko dagaci, kowane ɓangare ya riƙe kwafi: wayarki ta dawo hannunki, kuɗin sana'arki naki ne, za ki je gida lokaci kaza, iyayenki za su shigo, ba zai hana ki asibiti ba, kuma in ya sake ɗaga miki hannu al'amarinki yana hannunki. Malikiyya ta san irin wannan sharaɗi, inda miji yake mallaka wa matarsa ikon sakin kanta idan ya karya alkawari, sai ki nemi alƙali ya rubuta shi da lafazin da ba za a yi gardama a kansa ba. A kuma sa mutum ɗaya daga gidanku da zai riƙa zuwa duba ki duk mako ba tare da ya sanar ba, ya gan ki ke kaɗai, kuma ku yi wata kalma a tsakaninku da in kin faɗe ta ya san a ranar zai tafi da ke.